Muryar Inna Hure a Bidiyon Likkafani

A Toranke, idan mace ta rasu, kafin labari ya isa gidan liman ya isa gidan Inna Hure. Ita ce mai yi wa gawar mata wanka da sutura a unguwarmu da ƙauyukan da ke gefenmu, tun ina yarinya har na girma na yi aure na haifi nawa. Doguwa ce, siririya, hannayenta manya kamar na namiji saboda noma. 'Yar Gafasa ce, aure ya kawo ta garinmu, gidan wani manomi Malam Kabo. Uwar mijinta ce ke wannan aiki a da, kuma ita ta fara jan ta ɗakin gawa, wai ta riƙe mata buta. Da tsohuwar ta gaza, aikin ya dawo hannun Hure ba tare da wani ya naɗa ta ba. Malam Kabo ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta maza suna Kano, ita kuma ta ƙi bin su. Tana noman gyaɗa a gayaunarta, tana kiwon awaki, ana kiranta tana zuwa.

Ba ta da yawan magana. A ɗakin gawa kuwa ba ta cewa uffan, sai dai ta nuna da ka ko da yatsa. Abin da ta gani a jikin mamaciya ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko da wasa. Mutane suna girmama ta, amma akwai matan da idan ta shigo gidan suna ko biki sukan ɗan matsa, su janye jaririnsu jikinsu, ba da niyyar wulaƙanci ba. Tana gani, ba ta nunawa.

Mai zuba mata ruwa ita ce Hanne, ƙawarta tun suna amare a lungu ɗaya. Hanne gajera ce mai jiki, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma bakinta ba ya hutawa. Ko a gidan makoki, da zarar sun fito sun wanke hannu, sai ta samo abin da za ta faɗa wanda zai sa mai kuka ta yi murmushi ba ta shirya ba. Mutane kan yi mamakin yadda waɗannan biyu suka jitu. Ni dai na san ban taɓa ganin ɗaya a hanyar gidan rasuwa ba tare da ɗayar ba.

Ni sunana Haulat, ina koyarwa a Islamiyyar matan aure da ke Ajingi. Shugabarmu, Malama Adawiyya, ita ta kawo maganar bidiyon. An yi wata rasuwa a wani ƙauye da damina, hanya ta yanke, matan gidan suka rasa wadda ta san yadda ake yi, gawa ta daɗe a kwance. Malama ta ce muna karantar da babin jana'iza a littafi, amma hannu bai san abin da baki ya haddace ba. Ta ce a ɗauki hoton yadda ake yi, a raba wa ɗalibai ta Wasap, mata zalla, ba fuskar kowa a ciki. Da yake ni ce ke haɗa 'yan gajerun bidiyon makaranta a waya, aikin ya faɗo kaina.

Da na kai wa Inna Hure maganar, ta ce in dai don a koya ne, to. Matsalar ita ce wa za a gwada a kansa. Na aro 'yar tsanar da wani tela ke rataya wa kaya a kasuwar Ajingi, amma Inna ta taɓa ta sau ɗaya ta ce wannan ba ta lanƙwasuwa, ba ta da nauyi, wadda ta koya a kanta ranar da ta taɓa mutum za ta rikice. Hanne na gefe tana ɓare gyaɗa. Ta karkaɗe zanenta ta ce ita za ta kwanta, dama ta gaji, ta samu inda za ta huta a juya ta kyauta.

Mun yi ɗaukar a tsakar gidan Inna Hure da hantsi, a inuwar ɗaki, ƙarshen damina. Hanne ta sa doguwar riga mai duhu da safa, aka rufa mata fuska da ƙyalle mara nauyi. Ba a zuba ruwa ba, buta da ƙwarya babu komai a ciki, kwatance ne kawai. Na ɗaure wayar a jikin sanda daga sama yadda hannaye da jiki kaɗai za su fito. Inna ta yi komai daga farko har ƙarshe yadda ta saba: naɗa ƙyalle a hannu, matsa ciki a hankali, alwala, wanke kai, juyawa a wanke ɓangaren dama sannan hagu, tsanewa, sanya kafur a gaɓoɓin sujada, sannan likkafani, ƙyalle bayan ƙyalle, har ɗauri. Na roƙe ta ta riƙa bayani tana yi. Ta ce ba za ta iya ba, bakinta ba ya buɗuwa a wannan aiki. Hanne ce ta yi ta surutu daga ƙarƙashin ƙyalle, tana tsokanarta, Inna ba ta tanka mata ko sau ɗaya ba.

Da na kalli abin a gida, hoton ya yi kyau ƙwarai, amma sautin ba shi da amfani. Injin niƙan maƙwabta ya cika shi, ga kukan awaki, ga dariyar Hanne. Dama na san haka za a yi. Shirina shi ne in kashe sautin asali gaba ɗaya, in zaunar da Inna Hure a ɗaki mai shiru ta kalli hoton tana bayani, in ɗora muryarta a kai. Malama Adawiyya ta ce ni ma zan iya yin bayanin, amma na fi son muryar mai aikin, don mata sun fi yarda da ita. Sai mura ta kama Inna, muryarta ta dushe. Kafin ta warke cirar gyaɗa ta kankama, kowa ya koma gona. Muka ce sai an sarara.

A cikin wannan jiran ne Hanne ta rasu. Ta dawo daga gona da la'asar, ta ce kanta na sarawa, ta zauna a bakin ƙofa ta jingina da bango. Kafin a samo mota zuwa asibitin Gaya rai ya yi halinsa. Inna Hure ce ta yi mata wanka. Wata maƙwabciya ta riƙe butar.

Na bar bidiyon a waya ban sake buɗewa ba. Niyyata in goge shi mu sake wani da 'yar tsana, ko mu haƙura. Bayan an share makoki na je wurin Zuhra, babbar 'yar Hanne, na gaya mata abin da ke hannuna, na ce duk yadda suka ce haka za a yi. Ta yi shawara da 'yan'uwanta, ta dawo ta ce a ƙarasa shi. Ta ce mahaifiyarsu ta dawo gida ranar da aka yi ɗaukar tana ba su labari tana dariya, tana cewa ta yi aikin lada a kwance. Idan mata suka koya da shi, ladan zai riƙa isa gare ta. Ita dai ba za ta iya kalla ba.

Na kai wa Inna Hure amsar Zuhra. Ta tambaye ni ranar da zan zo.

Na zaɓi bayan azahar, lokacin da mai injin niƙa yake kashewa ya tafi cin abinci, gari ya yi tsit saboda rana. Ɗakin kwananta yana amsa-kuwwa, bangon siminti ne ba kaya, don haka muka shiga ɗakin ajiya inda buhunan gyaɗa suke jingine har kusan rufi. Buhu yana shanye sauti. Na rataya bargo a ƙofa, na toshe 'yar tagar da tsumma, na rufe layin wayar don kada kira ya shigo ya katse mu. Ɗakin ya yi duhu, hasken fuskar wayar kaɗai ke tsakaninmu, ga ƙamshin ɗanyar gyaɗa da ƙasa. Na maƙala mata ƙaramin makirfo a gefen mayafinta, kamar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace don iskar numfashi kada ta riƙa bugunsa. Kafin mu fara na ce mu yi shiru na ɗan lokaci in naɗi shirun ɗakin, domin da shi ake cike gurbin da ke tsakanin magana da magana, in ba haka ba mai sauraro zai ji sauti yana yankewa kamar an toshe masa kunne. Muka yi shiru. 

Sannan na kunna hoton ba sauti. Hannayen Inna suka bayyana, ga Hanne a miƙe, ƙafafunta cikin safa. Inna ta daɗe tana kallo har aka wuce alwala. Na mayar da shi farko. Na ce mata kashi-kashi za mu yi, ba a tashi ɗaya ba, kuma ta yi magana kamar tana koya wa wata da ke zaune a gabanta: sai ki ɗauki kaza, sai ki yi kaza. Abin da ake so shi ne kalma ta zo daidai da motsi, ko ta riga shi da ɗan kaɗan, yadda mai kallo za ta ji sunan abu sannan ta ga ana yin sa.

Da ta fara, sai na gane Inna Hure tana da magana, ajiye ta kawai take yi. Ta san dalilin kowane motsi, kuma tana so ta faɗe shi duka. A wurin juya gawa ta yi bayanin inda ake sa hannu a kafaɗa da ƙugu, da yadda ake tallafe kai kada ya faɗi, da abin da za a yi idan mamaciyar mai jiki ce, da abin da za a yi idan gaɓoɓi sun sandare. Duk gaskiya ne, duk ana buƙata. Amma hannayen da ke cikin hoton ba sa jiran bakinta. Tana kan maganar kafaɗa, su sun gama ɓangaren dama sun koma hagu. Muka sake, muka sake. A manhajar da nake aiki da ita, murya tana fitowa a ƙasan hoto kamar jerin tudu da kwari, kuma kowane karo jerin nata yana zarce hoton da nisa.

Na bayyana mata hanyoyin da ke akwai. Ko a rage maganar, ko a rage gudun hoton, ko a tsayar da shi cak a wuri ɗaya har ta gama bayani sannan ya ci gaba. Ƙara wa murya gudu ba ya cikin lissafi, don zai mayar da ita kamar ta yara. Rage gudun hoto kuma idan ya yi yawa hannu yakan koma kamar yana iyo a ruwa, mai koyo ta ɗauka haka ake yi. Na ce tsayarwa ta fi, kowa na yi, bari in nuna mata.

Na zaɓi wurin da aka gama rufa babban ƙyalle na ƙarshe, kafin ɗauri, inda take da dogon bayani a kan wane gefe ake fara naɗewa. Har zuwa wannan lokacin ban lura da wani abu ba, sai da na zo yankawa ina bin hoton a hankali. Farin ƙyallen yana motsi. Yana ɗagawa kaɗan a kan ƙirji, yana sauka, kuma a daidai hanci yana ɗan lotsawa ciki yana dawowa. Na danna wurin tsayarwa, na ja shi ya yi tsawon maganarta, na kunna mana daga baya kaɗan.

Ƙyallen ya ɗaga, ya sauka, ya ɗaga. Sai ya tsaya. Muryar Inna ta ci gaba da bayani a kansa, a natse, gefen hagu ake fara kawowa sannan a rufa na dama, shi kuwa ƙyallen bai ƙara motsi ba. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. A lissafin manhaja ɗan kaɗan ne. 

Inna ta kama wuyan hannuna. Hannunta sanyi ƙalau a cikin wannan zafi.

"Sake ta," ta ce.

Na ce mata hoto ne kawai na tsayar, yanzu zai ci gaba.

"Na san hoto ne. Sake ta, Malama. Kada ki ƙara tsayar da ita."

Na cire tsayarwar. Ƙyallen ya koma ɗagawa da sauka. Ta zauna tana kallonsa har sashen ya ƙare, sannan ta ce yau ya isa. Da na ɗage bargon ƙofa rana ta dake mu, awaki na kwance a gindin bango suna tuƙa, komai yana nan yadda muka bar shi.

Da na koma bayan kwana biyu, ita ta fara kawo shawara. Ta ce shirun hoton ne ke ɓatar da ita, ba ta sanin inda take. In bar mata sautin ranar a kunne, ko da ƙasa-ƙasa. Na sa mata abin saurare a kunne ɗaya, na buɗe sautin asali kaɗan. Ya taimaka, maganarta ta ɗan daidaita. Amma da na saurari abin da muka naɗa, sai na ji a ƙarƙashin muryarta akwai wata siririyar murya, can nesa, tana dariya. Abin sauraren nawa mai araha ne, ba ya zama daram a kunnenta, sauti yana zurarowa makirfo yana kamawa. Na san dalilin sarai, na ma faɗa mata shi da bakina. Duk da haka sai da na cire nawa daga kunne na ɗan zauna. Na ce dole mu zubar da wannan, mu kashe sautin asali gaba ɗaya. Ta cire abin daga kunnenta ta miƙo mini.

Na kashe, na duba na tabbatar a kashe yake, na mayar da hoton farkon sashen likkafani, na danna naɗa.

 Da Inna ta buɗe baki, muryar ba irin ta ɗazu ba ce, ta yi ƙasa, ta yi laushi. Kuma ba da mai koyo take ba. Maimakon ta ce sai ki ɗaga hannunta, cewa ta yi, bari in ɗaga hannunki. Zan juya ki dama. Yi haƙuri, saura kaɗan. Ga kallabinki. Na kai yatsa zan tsayar, sai na fasa, domin na ga wani abu da ban gani ba a duk wahalar da muka sha: kowace kalma tana sauka daidai kan motsinta. Tana cewa zan juya ki, hannun cikin hoto yana isa kafaɗa. Tana yin shiru, hannun yana aiki. Ba ta riga ba, ba ta makara ba, har ɗaurin ƙarshe. Idanunta ma a lumshe suke rabin lokacin.

A wasu wurare takan tsaya inda babu dalilin tsayawa, ta karkata kai, sannan ta faɗi abin da bai shafi aikin ba. Da sashen ya ƙare ta buɗe ido ta tambaye ni ko ya yi. Na ce ya zauna daidai, amma ba da ɗalibai ta yi magana ba. Ta ce ta sani. Ta ce haka take yi a zuci duk lokacin da take aiki, tun ranar da uwar mijinta ta ce mata wanda ke kwance yana jin kunya kamar mai rai, a riƙa sanar da shi kafin a taɓa shi. Shi ya sa bakinta ba ya iya wata magana a lokacin. Ba ta taɓa faɗa a fili ba sai yau, kuma ba ta yi niyya ba.

Washegari da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, na zauna da wayar a tsakar gidana. Wuraren nan da ta tsaya ne suka dame ni. Na buɗe sautin asali a ƙarƙashin sabuwar muryarta, na bar su biyun suna tafiya tare. Injin niƙa ya dawo, awaki suka dawo, sai muryar Hanne daga ƙarƙashin ƙyalle.

"Hure, a hankali da ƙafar nan, kin san ciwo take."

Muryar Inna ta jiya ta shigo a bayanta, ba tazara: "Na sani. Ba zan matse ta ba."

Aka ci gaba. Can wajen ɗaurin tsakiya Hanne ta yi dariya ta ce, "Wai ba ki gama ba? Ni fa na bar gyaɗa a shanya."

"An kwashe miki. Zuhra ta kwashe. Ki kwanta abinki."

Duk tsokanar da Hanne ta yi ranar ɗauka, wadda Inna ta share, ga amsarta nan a gurbinta, ba wadda ta hau kan wata. Na gaya wa kaina cewa ta ji sautin a kunne jiya kafin mu kashe, kuma ta san ƙawarta, ta san saurin hannunta. Hakan ne ma, ina jin. Amma ni na san wahalar da ake sha kafin a sa jimla ɗaya ta faɗa inda ake so, ana ja ana matsarwa da yatsa. Wannan ban taɓa shi ba ko kaɗan. Na kashe wayar na shiga gidan maƙwabciyata, na zauna ina taya ta tsinar shinkafa ba tare da na gaya mata abin da ya kawo ni ba.

Akwai kuma shirun da na naɗa ranar farko. Da na zo amfani da shi na ƙara masa ƙarfi don in ji ko akwai ƙarar da ta ɓuya, sai na ji numfashi a ciki, a hankali, mai nauyi. Inna ba ta daɗe da tashi daga mura ba, makirfon kuma a jikinta yake, don haka nata ne. Sai dai na tuna ina kallon ta a lokacin, kuma na ɗauka ta riƙe numfashinta kamar yadda na riƙe nawa. Ban bi diddigi ba. Na goge shi, da na koma na naɗi wani.

Na kai wa Malama Adawiyya matsalar aikin, ban da sauran. Na ce bayani ya fi hoto tsawo, kuma mai bayanin ta hana a tsayar da hoto. Malama ta ce a bi abin da Inna take so. Sai muka sake dabara. Na koma Toranke na ɗauki wasu hotuna daban waɗanda ba kowa a ciki: ƙyallayen likkafani a shimfiɗe a kan tabarma ɗaya bisa ɗaya, ƙwarya da garin magarya, kafur a tafin hannu, igiyoyin ɗauri da aka yaga daga yadin. Kowane sashe sai ya fara da irin wannan hoton, Inna ta yi dogon bayaninta a kansa yadda take so, don ƙyallen da ba kowa a ciki ko ya daɗe a tsaye ba ya damun kowa. Idan aka shiga wurin aiki kuma, sai gajerun kalmomi kawai: kafaɗa da ƙugu, tallafi kai, dama, yanzu hagu. Kafin kowace ɗauka mukan kalli sashen tare, in ƙwanƙwasa buhu da yatsa a inda kowace kalma za ta faɗa, har ta riƙe, sannan in daina ƙwanƙwasawa mu naɗa. Inda ta ɗan makara, in ja muryar baya kaɗan a manhaja. Ya ɗauke mu zama da yawa. Ba ta ƙara komawa waccan muryar ba, kuma na lura tana kafe idonta a kan hannayenta na cikin hoto, ba ta kallon ƙyallen.

Waccan ɗaukar da ta yi magana da Hanne a ciki ba ta shiga bidiyon ba. Na tambaye ta ko in ajiye mata, ko in ba Zuhra. Ta ce ba da Zuhra ta yi magana ba, ba kuma da ni ba. Na goge a gabanta.

Bidiyon ya fita kafin azumi. Malama ta saurara daga farko har ƙarshe ta gyara wuri ɗaya, muka sake naɗar jimlar. A farkonsa an roƙi mata kada su tura wa maza, kuma su yi wa wadda aka gwada a kanta addu'a, ba a faɗi sunanta ba. Wasu ɗalibai sun tambaye ni ko gawar gaske ce, na ce su duba da kyau za su ga tana numfashi. Waɗanda suka san labarin ba su tambayi komai ba. Ya wuce ɗalibanmu, ya kai Gafasa da Gaya da wuraren da ban sani ba. Inna Hure ba ta da babbar waya, kuma ba ta nemi a nuna mata ba. Ta ci gaba da zuwa inda aka kira ta. Mata biyu daga cikin ɗalibanmu suna bin ta yanzu, suna karɓa-karɓa wajen riƙe buta.

Bayan sallah na haɗu da ita a kasuwar Ajingi, muka jera. Ta tsaya gaban wata mai daddawa da kuka, matashiya, baƙuwar fuska, da alama daga ƙauyukan gabas ta zo. Matar na sunkuye tana ƙulla kaya. Inna ta yi sallama ta tambayi daddawa. Matar ta tsaya da ƙullin a hannu, ba ta ɗago ba. Inna ta maimaita. Sai ta ɗago a hankali, ta dubi fuskar Inna, fuskar ba ta ce mata komai ba, ta sauke ido kan hannayen Inna, ta daɗe a nan.

Ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, watan jiya mahaifiyarta ta rasu a rugarsu, ba wadda ta iya. Ita da ƙanwarta suka jingina waya a bango suka bi. Ta ce tun daga ranar, idan gida ya yi shiru, takan ji muryar nan tana cewa tallafi kai.

Inna ta yi wa mamaciyar addu'a. Ta tambaye ta ko sun samu magarya, matar ta ce sun samu. Ta tambaya ko sun yi mata a hankali, ta ce sun yi iya yinsu. Inna ta gyaɗa kai, ta karɓi daddawarta ta sa a jaka. Muka nufi tashar mota. Da na waiga, matar na tsaye har yanzu tana bin mu da kallo, wata mai saye na yi mata magana ba ta ji. Inna ba ta waiga ba. Ta ce in taya ta duba mai babur ɗin Toranke, tana so ta isa gida kafin awakinta su shiga gonar mutane.